Yadda Aka Samo wa Taubashina Laifi

Ni tela ne, kuma na yi boko har aji huɗu. Ina faɗin wannan tun farko don mai karatu ya san da wa yake magana, kada ya ɗauka wani jahili ne ya zauna yana ɓata takarda. Na iya sa hannu, irin mai ƙugiya a ƙarshe da ɗigo biyu a ƙasa. A zamanin da nake ba da labari, duk unguwarmu ta ƙasar Kaura mu uku ne ba mu dangwala yatsa, kuma ɗaya daga cikinmu ya riga ya makance.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, manomi a Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi. Ya girme ni da damina biyu. Tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani, ni da shi, kuma har gemunmu ya yi fari ba a yanke ba. Ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba. Bawa yake ce mini, ni ma Bawa nake ce masa, duk wanda ya riga buɗe baki shi ne ubangida a ranar.

Kowace shekara idan watan cika-ciki ya kama, lokacin da taubasai ke bin juna wasan shara, sai ya zo ya ɗauke mini wani abu. Ba ya roƙo kamar sauran mutane, ya ce roƙo aikin bayi ne. Ya ɗauke hulata daga kaina a sahun sallar Juma'a. Ya kore mini akuya har Zurmi da ƙafa. Wata shekara na tashi na tarar ya cire ƙyauren zaure ya aza wa jaki. Ni kuma sai in ɗaura ɗamara in bi shi gida da goro, in yi ta zaginsa tun daga bakin gari, matarsa ta dama mini fura, in kwana biyu, in ɗauko kayana. Haka muke ziyara. In ba don wannan ba, da sai mu shekara ba mu ga juna ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, cika-ciki ya faɗo cikin bazara. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi kabbara, kada wani ya ce ban so ba. Garinmu an kafa kwamitin masu lura da shari'a, samari ne akasari, shugabansu wani malami baƙo da ya zo karantarwa bai daɗe ba. Suna da himma. Sun rufe gidan caca, na kuwa gode musu, don wajen da waɗanda nake bi kuɗin ɗinki ke ɓacewa ke nan.

Ranar wata Alhamis na tafi kasuwar Shinkafi sayen yadi. Na kulle zaure da kwaɗo, na cusa mabuɗi a ramin da nake cusa shi shekara talatin. Da hantsi taubashina ya iso, ya zaro mabuɗin, ya kwance kan keken ɗinkina, ya zuba a buhu, ya mai da kwaɗo, ya nufi tasha abinsa. A tasha samarin kwamiti suka ga tsoho da buhu mai nauyi, suka buɗe, ɗayansu ya gane keken don ni na ɗinka masa rigar da ke jikinsa. Suka tambaye shi inda ya samu.

Ya ce, "Sato shi niy yi. Mi kuka so?"

Suka ce ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi don 'yan tasha su ji, har ya ƙara da cewa kowace shekara yana yi wa mai keken nan sata, ba a taɓa kama shi ba sai yau. Suka tasa shi gaba zuwa caji ofis, yara na bi.

Na sauko mota da la'asar aka tare ni da labari. Na yi dariya har yadin ya faɗi. Shekara hamsin ina neman ranar da zan ga Bawa a bayan kanta, ga shi Allah ya kawo. Ban ko shiga gida ba na wuce. Na tarar da shi zaune a ƙasa, ba hula, ba takalmi, yana gaya wa wani kurtu yadda ake shuka gero. Kurtun ba ɗan ƙasarmu ba ne, Hausarsa ta bariki ce. Ya ce ni ne mai kaya? Na ce ni ne. Ya jawo takarda ya ce in faɗi abin da na sani game da mutumin nan.

Na gyara tsayuwa na ce, "Rubuta. Ɓarawo ne tun yana shan nono. Ya sace mini hula, ya sace akuya, ya sace ƙyaure. Ban ba shi keke ba, ban kuma san zai ɗauka ba. In akwai wuƙa kusa a yanke tun daga kafaɗa."

Bawa ya ce daga ƙasa, "Ka manta buta. Yaro, ƙara buta."

Kurtu ya ƙara buta. Ya rubuta da Turanci, ya juyo mini takardar, ya turo tawadar dangwale. Na ture tawadar da bayan hannu, na karɓi biro, na yi masa sa hannuna mai ƙugiya da ɗigo biyu. Ban karanta ba. Da na karanta ma ba abin da zai canza, don Turancin aji huɗu iyakarsa kyanwa da ɓera. Da na gama na ce to, wasa ya ƙare, a ba ni kekena da bawana mu tafi. Kurtu ya dube ni kamar na yi magana da yaren aljanu. Ya ce keke ya zama shaida, mutum kuma ya zama wanda ake zargi, in dawo gobe in ga mai gabatar da ƙara.

Washegari tun da safe na je. Mai gabatar da ƙara wani sufeto ne mai furfura a gefen kunne, ɗan ƙasar Katsina, mai magana a hankali kamar wanda haƙori ke damu. Ofishinsa ɗaki ne da bai fi rumbu ba. A kan tebur akwai littattafai biyu, tsohon littafin dokar laifuffuka da gefensa ya yi baƙi don hannu, da sabon na shari'a da har lokacin ƙamshin ɗab'i yake. Ya ce tunda wanda ake zargi Musulmi ne, da sabon za a yi aiki. Fayil ɗin Bawa na gabansa, takarda huɗu kacal.

Na fara da abin da na kwana ina shiryawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai keke, kuma na yafe. Duniya da lahira."

Ya ce, "Baba, kada ka ƙara faɗin wannan kalma a nan."

"Yafiya ce ta zama haram?"

"Laifi ake yafewa. In ka ce ka yafe, ka tabbatar mini an yi sata ke nan. Satar haddi kuwa, in ta riga ta iso hannun hukuma, yafiyar mai kaya ba ta ɗauke ta. Da can kafin a kawo shi kake da wannan ikon."

Sai ya karanta mini abin da na sa wa hannu, yana mai da shi Hausa. Ban taɓa jin maganata ba tare da dariyata ba sai ranar. Ƙazama ce. Ɓarawo tun yana yaro. Hula, akuya, ƙyaure, buta. Ban ba shi ba. A yanke. Sa'an nan ya karanta ta Bawa, wanda ya dangwala wa yatsa: na sata, ina sata kowace shekara.

Na ce, "Yallaɓai, taubashina ne."

Ya ce, "Na sani. Tun da na ga buta na sani, ni ma ina da su. Amma takarda ba ta sani ba, kuma takarda zan ɗauka in kai gaban alƙali."

Ya buɗe sabon littafin ya sa yatsa. Ya ce shi aikinsa tambaya uku ce: an yi laifi, zai iya tabbatar da shi a kotu, kuma wane suna laifin yake da shi a littafi. Satar da ake yanke hannu a kanta sai ta haɗa abubuwa. A ɗauki kayan wani a ɓoye. A fitar da shi daga ma'ajinsa, abin da malamai ke kira hirzi. Kayan ya kai nisabi, wato ƙimar da shari'a ta yanka. Ba da yardar mai shi ba, kuma da niyyar cuta. Ya riƙa lanƙwasa yatsu yana tambayata.

"Zauren a kulle yake?"

"Da kwaɗo."

"Wani ya gan shi yana ɗauka?"

"Ba kowa."

"Kan keke ya kai nisabi, wannan ba sai na tambaye ka ba. Yarda kuma, ga sa hannunka ka ce ba ka ba shi ba." Ya ɗaga takardar ya duba. "Hannun kuwa ya yi kyau."

Yatsa ɗaya ya rage a miƙe, na niyya. Ya ce a nan maganar take. In mutum ya ɗauki abu ba don ya raba ka da shi ba, ba don ya ci ba, kuma ya san ka san inda za ka same shi, wannan ba ɓarawo ba ne ko da ya rantse shi ɓarawo ne. Ga kuma mabuɗi: wanda ya san ramin mabuɗinka, yake shiga gidanka ba shamaki, da wuya a ce zauren ma'aji ne a kansa. Haddi kuwa shakka kaɗan ke tunkuɗe shi. Ya ce ikirarin da aka yi a tasha da caji ofis ba shi ke yanke hannu ba, sai wanda aka yi gaban alƙali, ko shaidu biyu da suka ga ɗaukar. Samarin kwamiti buhu suka gani a tasha, ba su ga zaure ba.

Na ji sanyi. Na ce ashe magana ta ƙare.

Ya ce, "Ka san taubashinka. In na rubuta sata, na kai shi babbar kotun shari'a, alƙali ya ce ka sata, me zai ce?"

Na san abin da zai ce. Zai dubi inda nake zaune ya ce ya sata, kuma baɗi ma zai dawo.

Sufeto ya ce ko bai faɗa ba, da zarar an rubuta sata za a aika shi gidan yari a ajiye, a tura fayil Gusau wurin lauyoyin gwamnati su ba da shawara, kuma fayil ba ya da ƙafa. Damina za ta sauka ta wuce gonarsa ba shuka. Saboda haka shi ba zai rubuta sata ba, don ba zai iya tabbatar da niyya ba, kuma bai yarda akwai ta ba. Amma yana son takarda ta faɗi haka. Ya sa aka ɗauki bayanina na biyu, wannan karon aka karanta mini da Hausa kafin in taɓa biro. Ya aika aka kira mai unguwarmu, ya ba da shaidar hula da akuya da ƙyaure, da cewa duk sun dawo. Ya ce zai rubuta wa babbansu cewa ba laifi a nan, a saki tsoho, a mai da keke.

Na fita ina cewa a raina ga mutum. Aka bar ni na leƙa Bawa. Ya kwana cikin zafin nan da sauro, idonsa ya faɗa, amma da ya gan ni sai ya ce wa na kusa da shi, "Ga bawana nan ya kawo gaisuwa." Na ce masa in an tambaye shi ya bar cewa ya sata. Ya ce to mi zai ce, ya ara? Shi ba ya aro wurin bayi.

Bayan Juma'a gari ya ɗauka. A bakin masallaci na ji da kunnena ana cewa ranar Litinin za a yanke hannun farko a garinmu. Mutanen da suka ci tuwo da Bawa a zaurena, suka yi dariya ranar ƙyaure, su ne ke gardamar wane likita za a kira da ko za a bar mutane su kalla. Wani mai shayi ya tambaye ni in an yanke wa ake ba hannun, ni ko iyalinsa. Wani da na san awonsa na hatsi bai taɓa cika ba ya kama hannuna ya ce Allah ya saka mini, na zama misali, ban duba zumunci ba. Ba wanda ya ƙi Bawa a cikinsu. Kallo kawai suke so, kuma suna so a ce garinmu ma ya yi. Na koma gida na kasa cin abinci. Ni ma ai da kallon na fara.

Ranar Asabar da hantsi sufeto ya aiko. Na tarar da shugaban kwamiti zaune a kujerar da na zauna jiya, sai na tsaya. Malamin ba mahaukaci ba ne, kada in zalunce shi. Ya saurari maganar niyya da ta mabuɗi, ya kuma yarda haddi ba zai tsaya ba, har ya kawo larabcin abin. Amma ya ce a saki mutumin da ya yi shelar sata a tasha gaban jama'a, ba ko kotu, wannan kuma ba za su iya gaya wa mutane ba. Za a ce 'yan sanda na zagon ƙasa ga shari'a. Su kuma za su rubuta takarda zuwa sama, don amana ce a wuyansu. Ya ƙara da cewa wasan shara ma ba shi da asali.

Na ce, "Allah gafarta malam, asalinsa kakarmu ce, ni da shi."

Malamin ya miƙe. Ya yi sallama ya fita.

Sufeto ya daɗe yana murza ido. Ya ce babbansu ya dawo masa da takardar jiya, ya ce ba zai sa hannu a rufe fayil ba, a kai wani abu kotu, ko mene ne, alƙali ya sallama da kansa. Ya jawo sabon littafin ya fara buɗawa. Na tsaya ina kallonsa yana bin shafi da yatsa, kamar yadda nake bin ragowar ƙyalle in an kawo mini rigar da ta yage. Ya tsaya kan cin amana ya ce a'a, ban ba shi ajiya ba. Ya tsaya kan karɓar kayan sata ya ce babu ɓarawo, balle mai karɓa. Ya tsaya kan ɓarna ya tambaye ni ko keken ya lalace. Na ce in dai Bawa ne, har mai zai sa masa kafin ya zuba a buhu. Ya wuce. Can sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Baba, don me yake ɗaukar maka kaya?"

"Don ya ba ni haushi mana."

"Ka tabbata?"

"Shekara hamsin ba shi da wata sana'a."

Ya juyo littafin ya nuna mini, kamar zan iya karantawa. Laifin shiga wurin wani: duk wanda ya shiga wurin da ke hannun wani da niyyar aikata laifi, ko ya tsorata shi, ko ya ci masa mutunci, ko ya ba shi haushi. Ya maimaita na ƙarshen. Ya ce wannan ƙaramin laifi ne, ƙaramar kotu, ba Gusau, ba ajiya, a yini ɗaya an gama.

Na ce, "Yallaɓai, jiya ka ce ba sata ba ce don gidana gidansa ne, ya san ramin mabuɗi. Yau kuma ka ce ya shiga ba izini. Ni aji huɗu na yi, amma ko a aji biyu an hana mu wannan lissafi."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Gaskiyarka. Da zai samu lauya ya musa, kai kuma ka tashi ka ce yana da izini, da ƙarar ta faɗi kafin azahar. In ka ga dama ku yi haka. Sai dai in ya musa za a ɗaga a kira shaidu, a karanta takardarku ta farko a bainar jama'a, kwamiti na zaune. Alƙali na iya cewa abin da yake ji ya fi ƙarfin abin da na rubuta, ya tura sama. Ban ce za a yanke ba. Na ce ban san ranar fitowarsa ba. In ya amsa wannan, Litinin zai kwana gida."

Na tambaye shi shi a ransa ya yarda Bawa ya yi laifi. Ya ce abin da ya yarda da shi ya rubuta jiya, an dawo masa da shi. Sa'an nan ya zare takardar tuhuma ya fara cikawa, yana tambayata girman zauren da ko ƙofar gabas take kallo.

Ni aka ba aikin shawo kan Bawa. Aka fito da shi bayan ofis ƙarƙashin dalbejiya. Kwana biyu sun rage shi. Na gaya masa duka, ban rage ba, har da cewa bakina ne ya ba sufeto kalmar. Na zaci zai zage ni, na ma shirya amsa.

Ya ce, "Wato in ce na shiga gidan kawuna ba izini."

"Haka za ka ce."

"Gidan da anka yi mini kaciya."

"Faɗa ce kawai, Bawa. Kowa ya san ƙarya ce."

"Wancan ma da munka faɗi kowa ya san ƙarya ce." Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi. Ya tambaye ni ko an yi ruwa wajen Zurmi. Na ce hadari dai ake gani. Ya ce to, zai amsa.

Ranar Litinin kotu ta cika har tagogi. Wasu daga ƙauyuka suka zo, mai shayi ya kawo teburinsa bakin ƙofa. Sufeto ya miƙe ya karanta: ranar kaza, wane ya shiga zauren wane ba da izininsa ba, da niyyar ya ba shi haushi. Na ji guna-guni ya bi ɗakin. Wani a bayana ya ce, "Ina satar?" Alƙali, wani dattijo mai tabarau, ya dubi takardar, ya dubi sufeto ta saman gilashi, ya daɗe yana dubansa. Ya tambayi Bawa ko ya gane ƙarar. Ya ce ya gane. Ya aikata? Bawa bai dubi inda nake ba. Ya ce ya aikata. Alƙali ya tambayi ko an taɓa kama shi da wani laifi, sufeto ya ce ba a taɓa ba, kuma kaya sun dawo lafiya, kuma dattijo ne. Aka yanke masa bulala biyar.

A harabar kotu aka yi. Mai bulalar ya sassauta hannu, na gani, ko ƙura ba ta tashi daga rigar ba. Jama'a suka watse suna tsaki, wani na cewa ya yi asarar kuɗin mota. Shugaban kwamiti ya yi wa sufeto musabaha. Sufeto ya sa aka miƙo mini keke a buhunsa, ya ce in sa hannu na karɓa. Na ce a kawo tawada, na dangwala.

Na ce wa Bawa mu je gida ya yi wanka ya ci abinci. Ya bi ni a baya. Da muka isa na buɗe zaure na shiga na ajiye buhu, na juyo ban gan shi ba. Yana waje, tsaye a rana, taku uku daga bakin ƙofa. Na ce ya shigo mana. Sai ya yi sallama, cikakkiya, irin ta baƙon da ya zo neman mai gida. Na zaci sabon wasa ne, na ce wane bawa ne ke sallama a gidan ubangidansa. Bai ɗauka ba. Ya kira ni da sunana na yanka, ya haɗa da Malam, ya ce a taimaka masa da ruwa a buta, yana so ya kama motar Zurmi kafin la'asar. Na kawo masa. Ya wanke fuska da ƙafa a nan waje, ya ce a gai da iyali, ya tafi tasha.